Sharuɗɗan Ragon Uda

Hamma, wato yayana, shi ya kawo maganar. Muna zaune a gindin dalbejiyar gidanmu a Mbamba bayan la'asar, raguna suna ta cin harawa a garke, sai ya ce yana so ya ba da ɗaya kyauta kafin Babbar Sallah.

"Wa za ka ba?" na tambaye shi.

"Wanda Allah Ya ciyar. Ki sa a shafinmu a yi gasa, kamar yadda nake ganin masu atamfa suna yi."

Mu ba 'yan Mbamba ba ne tun asali. A shekarar da aka watse daga Mubi muka iso Yola, ni da Hamma da matarsa da 'ya'yansu, ba mu ɗauko komai ba sai kayan jikinmu. Bappa, ƙanin mahaifinmu, shi ya ba mu ɗakuna biyu a gidansa da filin da ke bayansa. Da ƙura ta lafa mutane da yawa sun koma gida, mu kuwa muka zauna. Na samu koyarwa a wata firamare, Hamma ya fara kiwo da 'yan tumaki kaɗan, a hankali har ya kai ga turke raguna don Sallah. Ni na buɗe masa shafi a waya, ina ɗaukar hotunan raguna ina sawa, masu saye daga Jimeta suna kira. A shekarar da nake ba da labari garken ya cika fiye da kowane lokaci, kuma Hamma bai ɓoye mini ba cewa niyyarsa biyu ce: godiya ga Allah, da kuma a ƙara sanin shafin.

Nan take na rubuta a waya: "Albishir! Za mu ba da rago kyauta kafin Sallah. Ku bi shafinmu, ku yi sharhi, ku gaya wa 'yan uwa. Mai rabo zai samu." Na zaɓi hoton da ya fi kyau, wanda manyan raguna uku suka jeru a bakin kwami. Kafin in tura sai na karanta musu da ƙarfi, don al'adata ce tun daga aji, duk abin da na rubuta sai na ji shi a kunne.

Matar Hamma tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Ke nan wanda ya fi yawan sharhi shi zai ci? To yaran Jimeta ba za su yi barci ba."

"A'a," in ji Hamma. "Ƙuri'a za a yi."

"Ba ta faɗa ba ai."

Bappa yana kan buzunsa da carbi a hannu, na ɗauka ba ya sauraro. Ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya nisanta ta da idonsa ya daɗe yana kallon hoton. Shi Bafulatanin Yola ne na sosai, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Wanne a cikin ukun nan za ka bayar?" ya ce da ni.

Na dubi Hamma. Hamma ya nuna can ƙarshen garke, wani matsakaicin ragon uda, gabansa baƙi bayansa fari, kunnensa na hagu a tsage tun yana ƙarami da waya ta kama shi. Ba ya ma cikin hoton.

Bappa ya mayar mini da wayar. "Mutum zai ga wancan babban, ya sa shi a ransa, ya zo ka miƙa masa wannan. Kai ka yi kyauta, shi kuma ya tafi yana cewa an cuce shi."

Maganar ta taɓa wani wuri a raina. A watannin farko da muka zo Yola, an taɓa aiko da sanarwa cewa za a raba kayan abinci ga waɗanda suka yi gudun hijira, kowa ya zo. Muka je da sassafe ni da matar Hamma, muka tsaya a rana har azahar, sai da muka kai gaba aka ce rabon na waɗanda ke zaune a sansani ne, ban da masu zama a gidajen dangi. Ban ga laifin tsarin ba, na sansani sun fi mu buƙata. Abin da ya yi mini ciwo shi ne da an faɗa tun a cikin sanarwar, da mun zauna a gida da mutuncinmu. Hamma ma ya tuna, na gani a fuskarsa. Na goge abin da na rubuta.

Yammaci biyu muka yi muna wannan rubutu, kuma har yau ina jin daɗin tuna su. Ni ke riƙe da waya, su kuma suna jefo mini tambayoyi kamar 'yan aji masu rigima.

Da farko Hamma ya so a ce sai wanda ya taɓa sayen dabba a wurinmu, ko kuma mutum ya tura ɗan wani abu kaɗan na shiga, don a rage masu wasa. Bappa ya girgiza kai tun kafin ya rufe baki. Ya ce da zarar mutane sun zuba kuɗi don ɗaya ya kwashe, sunan abin ya tashi daga kyauta ya koma caca, kuma ba a gidansa ba. Aka bar wannan. Shiga kyauta ce, ba sai ka sayi komai ba.

Sai maganar lokaci. Hamma ya ce a rufe ranar jajiberi. Na ce ai ba a ga wata ba tukuna, jajiberin kansa ba mu san ranar da zai faɗo ba, kuma wanda ya ci yana buƙatar ya sani da wuri, don kada ya je ya ƙuntata wa kansa ya sayi wani. Muka tsayar da wata Juma'a da ke gaba da Sallah da 'yar tazara, ƙarfe shida na yamma, na rubuta ranar da kwanan watan Turawa yadda ba mai cewa wata Juma'ar ya fahimta.

Da muka zo kan waɗanda ba za su shiga ba, na rubuta "ban da danginmu". Bappa ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

"In ka ce dangi, rabin Yola ya fita. Wa ka sani a garin nan da ba mu haɗa kaka ko aure ba?"

Gaskiyarsa ne. Na gyara na ce ban da duk wanda ke zaune a gidanmu, da waɗanda muke ciki ɗaya da su ni da Hamma, da mazansu ko matansu da 'ya'yansu. Muka ga kamar mun toshe ko'ina.

Matar Hamma ce ta kawo maganar nisa. Ta ce in wani daga Kano ya ci fa, wa zai kai masa? Muka taƙaita ga mazauna Yola da Jimeta, manya waɗanda suka kai shekara goma sha takwas, kuma wanda ya ci shi zai zo Mbamba ya ɗauki abinsa da abin hawansa. Na cire "ku gaya wa 'yan uwa" daga cikin sharuɗɗa, domin ba ni da hanyar sanin wa ya gaya wa wani, kuma bai kamata in sa sharaɗin da ba zan iya dubawa ba. Abin da ya rage abu biyu ne masu sauƙi: ka bi shafin, ka rubuta sharhi ɗaya a ƙarƙashin sanarwar da sunan unguwarka. Wanda ya rubuta sau goma, ɗaya za a ƙirga masa.

Ga yadda ƙarshen sanarwar ya kasance, har yanzu tana nan a shafin:

"Ragon da ke cikin hoton nan shi ne kyautar, shi kaɗai, ba a musanya shi da kuɗi ko da wani ragon. Bayan an rufe za mu ba kowa lamba mu sa jerin a nan, kowa ya duba sunansa. Ranar Asabar bayan la'asar za a zari ƙuri'a kai tsaye a bidiyo. In netwok ya ƙi, za mu ɗauka ba tare da yankewa ba mu sa daga baya. Za a zari lamba uku: ta farko ita ta ci, sauran biyun na jiran ko-ta-kwana ne. Wanda ya ci yana da zuwa magaribar Litinin ya zo da wayarsa ya buɗe shafinsa a gabanmu, in bai zo ba sai na biyu. Ba za mu taɓa neman ko kwabo a wurinka ba, ko lambar asusunka, ko wata lambar da aka turo maka a waya. Duk wanda ya nema da sunanmu ɓarawo ne. Mu muka shirya wannan gasa, masu manhajar nan ba su da hannu a ciki."

Na sa Hamma ya riƙe ragon uda shi kaɗai a jikin katanga, na ɗauke shi ta gefen tsagaggen kunnen, na tura.

Sanarwar ta yi tsawo, kuma an faɗa mini. Wani ya rubuta, "Malama, rago ne ko takardar fili?" Wani da Turancin kasuwa ya ce duk irin wannan "na wash", wato yaudara ce, a ƙarshe ɗan gida ne zai ci. Na amsa masa cewa ya karanta layin da ya hana 'yan gida shiga, kuma ya zo kallon ƙuri'a. Amma yawancin mutane sunan unguwa kawai suke rubutawa su ƙara da addu'a: Nassarawo, Luggere, Doubeli, Jambutu, Shagari, har da unguwannin da ban taɓa takawa ba. Da na dawo daga makaranta sai in zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu tambaya kuwa, kusan duk abin da suka tambaya amsarsa tana cikin sanarwar, sai in kwafo layin in manna musu. Wannan ya hutar da ni ƙwarai, domin ba na ƙirƙiro amsa ga kowa daban, balle a ce na gaya wa wani abin da ban gaya wa wani ba.

Ana cikin haka wani Alhaji daga Nassarawo, wanda duk shekara yake sayen raguna a wurin Hamma, ya zo zaɓe. Ya ɗauki manya biyu, sannan idonsa ya faɗa kan na uda. Ya ce wannan ya yi daidai da wanda yake so ya aika wa surukarsa, a faɗi kuɗinsa. Hamma ya ce na gasa ne.

"To ka ba su wani mana. Ga wancan farin ma ya fi shi ƙiba. Wa zai yi ƙorafi an ba shi wanda ya fi?"

Hamma ya shigo cikin gida ya same ni ina wanki. Ya ce, "Kin ji abin da Alhaji ya ce. Farin ya fi shi tsada ma. Ba cuta a ciki."

"Babu cuta, Hamma, amma mun rubuta shi ne, shi kaɗai. Yau in muka canza zuwa wanda ya fi, mai kallo daga waya ba zai iya auna su ba. Abin da zai gani kawai shi ne an nuna baƙi da fari, an ba da fari."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba ya son ɓata wa Alhaji, kuma na san dalili, mutumin ya tsaya masa a shekarun da ba kowa ke sayen dabbarsa ba. Ya fita, na bi shi har bakin zaure ina saurare. Na ji ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan na riga na yi alkawarinsa a gaban jama'a. Amma Yola kake, ka shiga gasar." Alhaji ya yi dariya ya ce shi da ko sharhi bai iya rubutawa ba. Ya ɗauki farin, aka rabu lafiya.

Ranar Juma'a da shida ta yi na rubuta "An rufe", na ɗauki hoton allon wayata yadda lokacin zai fito. Bayan haka sharhi ya ci gaba da shigowa, har da na wata abokiyar aikina da ta kira ni tana cewa minti kaɗan ne kawai ta makara, ruwan sama ne ya ɗauke musu netwok. Na ba ta haƙuri. Ta ji haushi a ranar, amma da muka haɗu a makaranta ita ta fara yi mini tsiya a kai.

Ina cikin jera sunaye ina cire masu maimaici da na wasu garuruwa, sai na ci karo da sunan da na sani sarai. Ƙanin matar Hamma ne, magidanci mai tuƙa keke a Jimeta, gidansa a Luggere. Na kira Hamma na nuna masa.

"Cire shi," ya ce nan da nan.

Na sake karanta sharaɗin da ƙarfi. Ba ya zaune a gidanmu. Ba mu ciki ɗaya da shi. Ba mijin 'yar uwarmu ba ne, ba ɗanmu ba ne. Mun tuna da kowa, mun manta da 'yan uwan matar gida.

"In ya ci, me za mu ce wa mutane?" in ji Hamma. "Mai cewa ɗan gida zai ci ya samu abin faɗa."

Muka kai wa Bappa. Ya ce sharaɗin da muka rubuta ya ɗaure mu kamar yadda ya ɗaure kowa, ba a ƙara wani bayan an rufe ƙofa, ko da a kan namu ne. In ƙanin matar Hamma da kansa ya janye, to. Hamma ya kira shi a waya, ya sa yadda duk za mu ji.

"Hamma, na karanta sau biyu kafin in shiga," in ji shi, yana dariya, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. "Babu ni a ciki. Ni ma ina da iyali, kuma bana ban ga alamar rago ba."

Matar Hamma ta karɓi wayar ta yi masa faɗa da Fulatanci, bai janye ba. Abin da na yi shi ne, da na sa jerin lambobin a shafi, na rubuta a ƙasa cewa mai lamba kaza ƙanin matar mai garken ne, sharuɗɗanmu ba su hana shi ba, don haka yana ciki, mun ga ya kamata kowa ya sani kafin a zara. Wasu suka yi tsiya, wasu suka ce ba komai. Mai Turancin kasuwan nan ya rubuta cewa zai zuba ido.

Ranar Asabar muka roƙi Jauro, mai unguwarmu, ya zo ya zara, tunda shi ba ruwansa da kowa a ciki. Na yanka takardu daidai wa daida, kowace da lambarta, muka naɗe su a gaban kyamara muka zuba a babbar ƙwarya, aka rufe da faifai aka girgiza. Hadari yana haɗuwa ta gabas, iska tana ɗaga faifan, ragon uda yana ɗaure a jikin dalbejiya yana ta kuka kamar ya san da shi ake. Netwok ya riƙe, Allah Ya taimake mu. Jauro ya naɗe hannun rigarsa, ya kau da kai, ya zaro ta farko. Na duba jerin: wata mata ce daga Luggere, ban san ta ba. Na ji Hamma ya sauke numfashi a bayana. Jauro ya zaro ta biyu, ya buɗe, ya nuna wa kyamara. Lambar ƙanin matar Hamma ce.

Matar Hamma ta ce "Innalillahi" da ƙarfi har ya shiga bidiyon. Jauro bai san dalili ba, ya zaro ta uku abinsa, ya yi addu'a, ruwa ya sauko muka kwashi kaya a guje.

Na sanar da sunan matar a shafi, na amsa a ƙarƙashin sharhinta, na tura mata saƙo. Shiru. Washegari Lahadi na sake yi, shiru. Shafinta ba hoton fuska, furanni ne kawai, ba lambar waya. Yanzu kowa ya san in magaribar Litinin ta yi ba ta zo ba, ragon zai tafi gidan surukin mai garke, kuma bisa ƙa'ida. Ba wanda zai yarda mun neme ta da gaske. Hamma ya kasa cin abincin kirki. Na sake rubutawa a shafi cewa duk wanda ya san ta a Luggere ya taimaka ya gaya mata, na sa hoton saƙonnin da na tura mata da lokacinsu.

Ranar Litinin da hantsi ina aji, wayata ta yi ta ruri a jaka. Da aka fita tara na duba, ƙanin matar Hamma ne.

"Adda, na same ta," ya ce, don Adda yake kirana, wato yaya. "Masa take soyawa a bakin layin da ke bayan namu. Tun jiya nake tambaya, duk wanda na ɗauka a Luggere sai na karanta masa sunan. Amma ta ce ba za ta zo ba, wai 'yan damfara ne."

"Kai da kake na biyu, kai ka nemo ta?"

"To in na ci ta wannan hanyar, a ina zan yanka shi? Ko a gidana ba za a bar ni in ci naman lafiya ba. Ga ta, yi mata magana."

Muryar babbar mace ce, a gajiye, kuma a tsare. Ta ce tun ranar Juma'a da daddare wani shafi mai sunanmu da hoton ragonmu ya turo mata saƙo cewa ta ci, ta tura kuɗin mota a kawo mata har gida. Ta tuna a sanarwa an ce ba za a nemi ko kwabo ba, kuma a lokacin ba a ma yi ƙuri'ar ba, sai ta toshe shi. Daga nan datarta ta ƙare, ba ta ga bidiyon ba. Da ta samu ta leƙa a wayar ta ga wani saƙon kuma yana cewa ta ci, ba ta ko buɗe ba, ta ce su ne suka dawo da wani shafin.

"Kin yi daidai, Hajiya," na ce. "Ni ma ba abin da zan nema a wurinki. Ki sa mai keken nan ya nuna miki bidiyon a wayarsa. In kin gamsu, ki zo Mbamba da wayarki kafin magariba, ki taho da duk wanda kika yarda da shi."

Na koma shafi na gargaɗi mutane game da shafin bogin, na nuna bambancin sunansa da namu, harafi ɗaya suka ƙara, na roƙi kowa ya kai ƙararsa ta cikin manhajar. Mutum biyu suka ce su ma an turo musu, kuma ba su tura komai ba. Ban sani ba ko akwai wanda ya tura ya yi shiru don kunya. Wannan yana dawo mini wani lokaci.

Bayan la'asar keke ya tsaya a ƙofar gida. Ta fito da hijabi mai ruwan toka, tare da wani dattijo da ta ce yayanta ne. Ba ta zauna ba sai da ta je gindin dalbejiya, ta buɗe hoton sanarwar a wayarta, ta kama kunnen ragon na hagu ta duba tsagar. Sannan ta juyo ta gaishe mu da kyau, ta ce a yafe mata. Ta buɗe shafinta a gabanmu, ga furannin, ga sharhinta. Na tambaye ta ko ta yarda a ɗauke ta hoto a sa. Ta ce a ɗauki ragon da hannunta a kan igiya, ban da fuska. Haka na yi.

Ta zauna ta sha ruwa, suka yi ta hira da matar Hamma kan yadda shinkafar masa ta yi tsada. Ta ce rabonta da yin layya tun rasuwar mijinta, kullum sai dai maƙwabta su aiko wa yara. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta matsa kusa da Bappa ta yi masa godiya da Fulatanci, ta ce, "Useko, Baba," shi kuma ya nuna Hamma ya ce ga mai rago can.

Shigar da ragon cikin keke ya fi komai wahala. Ya turje, ya ture Hamma, sai da aka ɗaure ƙafafunsa aka kwantar da shi a ƙasan kujerar baya, ita da yayanta suka ɗora ƙafafunsu a gefe. Yayan ya ciro kuɗi zai biya, tunda sharaɗi ya ce mai ci shi ke ɗaukar nauyin kai abinsa. Ƙanin matar Hamma ya karɓa ba musu, ya ce aiki aiki ne, ya tayar da keke suka bi hanyar Jimeta.

Mai Turancin kasuwan nan ya rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashin hoton, wadda ke nufin ya sallama. Hamma ya sa na karanta masa ita har sau biyu. Ragunansa sun ƙare kafin jajiberi, ko da yake ba zan ce gasar ce ta sayar da su ba, shekarar kowa ya yi ciniki.

Shekarar da ta biyo mun sake yi, na ƙara layi ɗaya a kan 'yan uwan matan gida, na kuma sa gargaɗin shafin bogi a can sama maimakon ƙasa. Ƙanin matar Hamma ya karanta ya kira ni yana cewa an yi doka saboda shi kaɗai, ya kamata a biya shi ladan gyara.

Amma a waccan Sallar ta farko, kwana biyu bayan yanka, ya zo gaisuwa da iyalinsa, ya shigo da wata roba mai murfi ya ajiye a gaban matar Hamma. Ya ce mai masa ce ta tare shi a bakin layi ta ba shi saƙo. Muka buɗe, soyayyen nama ne da yaji a ƙulle a leda, da masa a jere a sama, da sauran ɗuminta. Aka kira yara, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Bappa, wanda haƙoransa ba sa son nama, ya zaɓi masa biyu ya ce a kawo masa zuma.